Jadawalin awa huɗu da bai kai Laraba ba

Rabi: Assalamu alaikum ƴan gida. Ina Tarminal D, shawara nake nema a kan tsarin karatu. Jadawalina haka yake: kullum daga ƙarfe 8 zuwa 12 na dare, lissafi awa ɗaya da rabi, fizik awa ɗaya, ilimin halittu awa ɗaya, filo rabin awa. Ran Litinin aka ɗauke wuta, ɗaki ya ƙi zaunuwa don zafi, ko kaye ban buɗe ba. Talata na je neman ruwa da yamma, na dawo a gajiye, ina yin awa ɗaya da rabi barci ya kwashe ni. Laraba da na dubi takardar a bango sai gabana ya faɗi, na ce makon nan ya riga ya lalace, bari Litinin ta zo in zana sabo. Alhamis da Juma'a ban taɓa kome ba. Kullum haka nake yi, ga bak na matsowa. Don Allah yaya zan yi?

Ibro: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ɗaya ce, zuciya za ki saka. Wanda ke son bak ɗin D ba ya jiran wuta, fitila mai caji tana nan a Kasuwar Dole. Mu a lokacinmu ƙarƙashin fitilar bakin titi muka yi. Ki riƙe awa huɗun nan da ƙarfi, kar ki sassauta wa kanki.

Mushe Sani: Ibro, fitila za ta yi maganin Litinin, ba za ta yi maganin Alhamis da Juma'a ba, kuma a can ɓarnar take. Rabi, bari mu lissafa abin da kika gani a bango ran Laraba. Litinin kin rasa awa huɗu. Talata kin yi ɗaya da rabi, saura biyu da rabi. Tunda a ranki duk abin da ba a yi ba bashi ne da sai an biya, kin wayi gari Laraba ana bin ki awa shida da rabi, ga huɗun ranar, goma da rabi ke nan. Ba ɗalibin da zai tashi daga lakwal, ya yi aikin gida, sannan ya zauna awa goma da rabi. Kin san ba zai yiwu ba, shi ya sa kika ƙi farawa sam.

Yanzu dubi asarar. Wuta da ruwa sun cinye miki awa shida da rabi. Hukuncin da kika yanke cewa mako ya lalace shi ya cinye Laraba, Alhamis da Juma'a, awa goma sha biyu, kuma ba a kai Litinin ba tukuna. Abin da kika yi wa kanki ya kusa ninka abin da gari ya yi miki.

Ina ganin wannan a aji kowace shekara, kuma yawanci ga yaran kirki ne, masu son a ce aikinsu ba aibi. A wurinsu rana iri biyu ce kawai, wadda aka cika cif da wadda ta faɗi. Awa ɗaya da rabin da kika yi Talata karatu ne na gaske, amma a lissafinki sifili ce, daidai da Litinin. Idan awa ɗaya da rabi da zaman banza duk maki ɗaya suke samu, me zai sa mutum ya wahala ran da ya san ba zai kai huɗu ba?

Rabi: Wallahi Mushe haka ne. Ran Alhamis ina da lokaci bayan isha'i, amma na ce me awa ɗaya za ta rage.

Maman Nafisa: Ni dai ban gane ba. Yanzu so ake a ce wa yara su daina ƙoƙarin yin aiki mai kyau? Tawa tana aji na uku na kwaleji, birbe za ta yi bana, kullum faɗan da nake mata ke nan ta gyara rubutu, ta tsabtace kayenta. In malamai suka fara cewa ko yaya aka yi ya yi, ina za mu?

Mushe Sani: A'a Hajiya, ba haka nake nufi ba. Aikin da za a miƙa wa malami a gyara shi, a tsabtace shi, ina bayanki a nan. Maganata a kan karatun gida ce. Akwai yarinyar da za ta zauna da bik shuɗi da ja da kore da abin ja layi, ta sake kwafe darasin da ta riga ta rubuta a aji. Ta yi kuskure ɗaya a layi na biyar, ta yage shafin ta faro daga sama. Awa biyu ta wuce, shafi uku sun fito kamar bugun inji, amma ki rufe kayen ki ce ta faɗa miki abin da ke ciki, shiru. Ta zaɓi kwafi ne saboda a kwafi ba a faɗuwa. Egzarsis kuwa yana iya nuna mata ba ta iya ba, shi take gudu. Ki gwada Nafisa da wannan: bayan ta gama karatu ki karɓi kayen, ki ba ta farar takarda ta rubuta abin da ta riƙe. Wannan takardar ko da kaca-kaca ta fito ba laifi.

Maman Nafisa: To, na ji. Yage shafin nan kam kamar kana gidanmu.

Habsu: Rabi, ina Jami'ar André Salifou, kuma abin da ya kama ki bai bar mu ba a nan. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan shi kansa jadawalin. Yaushe kika zana shi? Na tabbata ran Lahadi da yamma ne, kin huta, kin ci abinci, zuciya cike da niyya. Wadda ta zana ba ita ce za ta aiwatar ran Talata bayan ta sauke jarka ba. An ma auna wannan a Kanada a 1994: Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin ƙarshen karatu. A matsakaici suka ce kimanin kwana 34, aikin ya ci kimanin 55. Ba ƙarya suka yi ba, sun hango hanyar ce ba tare da cikas ko ɗaya ba. Mu nan Damagaram cikas ɗin ma sananne ne: zafin Afrilu da Mayu, ruwa, wuta, baƙi, biki, rasuwa a unguwa. Jadawalin da bai bar wa waɗannan gurbi ba tun ran da aka zana shi ya karye.

Rabi: Lahadi ce kuwa, Yaya Habsu. To me zan saka a madadinsa?

Mushe Sani: Ki yi wa kowace rana ma'auni biyu. Na farko shi ne na ranar lafiya, wanda za ki yi in kome ya tafi daidai. A ganina awa biyu ta ishe ki a ranar lakwal, huɗu ta yi yawa ga mai tashi da asuba. Na biyu shi ne mafi ƙaranci, abin da ba za ki kwanta ba sai kin yi shi ko me ya faru. Shi wannan ba a auna shi da ranar lafiya. Ki tuna rana mafi muni a makon jiya, Litinin ɗin nan ta duhu da zafi, ki tambayi kanki me za ki iya yi a cikinta. Amsar ita ce mafi ƙarancinki.

Ga wanda nake ba ƴan D. Egzarsis biyu gajeru na lissafi ko fizik, ba tare da leƙa gyaran ba sai an gama. Sannan a rufe kayen ilimin halittu, a rubuta abin da aka tuna daga darasin ƙarshe na minti goma, a buɗe a duba abin da ya zube. Duka kamar minti 25. Kin ga ban ce ki zauna minti 25 ba, na faɗi aikin da za ki yi. Minti 25 ana iya cinye su da fiƙe fensir da neman shafi, amma egzarsis biyu ko an yi ko ba a yi ba, ba gardama.

Misali gobe: ki nemo deribe ta f(x) = x ln x. Ki rubuta ƙa'idar (uv)' = u'v + uv', ki saka u = x da v = ln x, ya ba ki f'(x) = ln x + 1. Sai ki duba inda take zama sifili, x = 1/e. Wannan bai kai minti shida ba ga wadda ta iya. In kuma kin maƙale, ki ba shi minti goma, sai ki ja layi ki rubuta a gefe daidai inda kika tsaya, kamar "na mance deribe ta ln x". Wannan ma an yi, ki ƙirga shi. Layin nan shi za ki kai wa malaminki, kuma ya fi a ce masa "Mushe ban gane darasin ba" amfani nesa.

Abu biyu ne ke riƙe tsarin. Ki zaɓi egzarsis ɗin tun daren jiya, ki bar kayen a buɗe a shafin da bik a kai, don zaɓe da kansa yana cin ƙarfi. Kuma ki ɗaure shi da abin da ba ya motsi a ranarki. Ni na fi son bayan sallar asuba, gari da sanyi, ba a bukatar wuta sosai, ba wanda ya fara aiken ki. In kin yi shi da safe, duk abin da dare ya zo da shi ranar ta riga ta shiga lissafi.

Ibro: Mushe, da girmamawa, a nan ne ban yarda ba. Minti 25 sau bakwai minti 175 ne, ko awa uku bai cika ba a mako. Da wannan za a ci bak ɗin D? Kuma na san halin ɗan Adam. Ka ce masa mafi ƙaranci egzarsis biyu, to biyun zai yi har ranar jarrabawa, ya riƙa jin daɗi wai yana kan tsari. Na ga yara a fadarmu da suke haka, sun buɗe kaye minti kaɗan, sun rufe, an ɗora shayi.

Mushe Sani: Lissafinka daidai ne Ibro, kuma ba na musun haɗarin. Awa uku a mako ba ta gama manhajar Tarminal, wanda ya tsaya nan zai sha mamaki. Aikin mafi ƙaranci shi ne ya hana rana ta zama sifili, don kar sifili ɗaya ta haifi biyar. Shi ya sa nake cewa a riƙa sa alama iri biyu a kalanda: gicciye ga ranar da aka yi awa biyu, ɗigo ga ranar da aka tsaya a mafi ƙaranci. Ran Lahadi a ƙirga. Ɗigo ɗaya ko biyu a mako ba matsala. In ɗigo ya kai huɗu mako biyu a jere, akwai abin dubawa. Ko dai awa biyun ta fi ƙarfin rayuwar mutum, sai a rage ta ko a canza mata lokaci, ko kuma ya fake ne kamar yaran fadarku. Bambancewa ba wuya: a tambaye shi me ya faru a ranakun ɗigon. Wanda ruwa ko rashin lafiya ya tsare zai faɗi dalili nan take. Wanda ya fake sai ya hau kame-kame.

Mu kwatanta da makon Rabi. Yadda ya tafi, awa ɗaya da rabi ta samu daga Litinin zuwa Juma'a. Da a sabon tsari ne: Litinin minti 25, Talata awa ɗaya da rabi, Laraba zuwa Juma'a ko da biyu kawai ta cika awa biyu ɗayar ta tsaya a ɗigo, ta haura awa shida. Shi ne abin da za a gwada da shi, ba awa ashirin ɗin da ke kan takarda ba wadda ba a taɓa yi ba.

Ibro: Na ji wannan. Amma ni har yanzu ina ganin wanda ya saba da kaɗan da wuya ya koma da yawa.

Malam Lawali: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Abin da Mushe ke faɗi ba baƙo ba ne a wurinmu masu allo. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. A harda kuma mun gani da ido. Almajirin da ya ce zai riƙa tilawar izu biyar kullum, ran da zazzaɓi ya kama shi ya tsallake, gobe ya ce sai goma, jibi ya bari, bayan wata guda sai ka ji harda ta fara zuba. Wanda aka ce masa ko kana kwance kar ka kwana ba ka karanta sumuni ɗaya ba, shi ne ke riƙewa. Sai dai Ibro ma yana da gaskiya ta wani gefe. Ba mu barin yaro shi kaɗai ya yanke wa kansa ƙarancin, malami ne ke yanke masa, kuma malami ne ke sauraro. Rabi, ƴata, ki samu wanda za ki riƙa nuna wa kalandar nan.

Rabi: Allah ya gafarta Malam, na gode. Yayata za ta iya dubawa. Amma Mushe, abin da na rasa Litinin fa? Darasin fizik ne da za a yi mana dabuwa a kansa. In ban biya ba ai ya tafi.

Mushe Sani: Awa ba a biyan ta, ta tafi ke nan, ki yafe. Darasi kuwa ana matsar da shi. Ki bar awa biyu ran Asabar da yamma ba kome a cikinsu, kar ki rubuta musu darasi tun farko. Duk abin da ya zube a mako ki rubuta sunansa a bayan kaye, Asabar ki ɗauki mafi muhimmanci guda ɗaya ko biyu. Wanda bai samu shiga ba, ko ya shiga jadawalin mako mai zuwa a matsayin aikin rana na yau da kullum, ko a soke shi. Kar ki taɓa ɗora shi a kan gobe. In dabuwar kafin Asabar ce, sai fizik ya karɓi gurbin wani darasi a awa biyun gobe, ya maye shi, ba ƙari ba. Kuma jadawalin nan kar ki sake zana shi ran Litinin. Gyara da bik a kan tsohon, ko ya yi datti.

Habsu: Wannan na ƙarshe ya fi kome wuya ga irinmu, sabon jadawali mai launi yana da daɗin zanawa. Game da tsoron tsallake rana kuma, akwai binciken Phillippa Lally a Landan da aka buga a 2010. Mutum 96 kowa ya zaɓi ɗabi'a ɗaya da zai riƙa yi kullum. Kafin abin ya zama jiki, tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne, wasu 18, wasu an ƙiyasta har 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe sabon da ake ginawa ba.

Ibro: Wace irin ɗabi'a? Lissafin Tarminal?

Habsu: A'a, ƙananan abubuwa ne, shan ruwa, cin ƴaƴan itace, motsa jiki. Karatu ya fi su nauyi, don haka ba zan ce kwana 66 zai yi wa Rabi daidai ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne rana ɗaya ba ta kashe tsari.

Mutari: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni kandida libir ne a A, kabu-kabu nake yi. Ran Alhamis, ranar babbar kasuwa, tun safe har dare ina kan babur, wani lokaci har Mirriya. Bayan asuba kuma lokacin fasinja ne, ba zan iya zama ba. Mafi ƙarancin nan na minti 25 ma ranar ba ya samuwa. To ni na fita ke nan?

Mushe Sani: Ba ka fita ba, naka ma'aunin ne daban. Tunda Alhamis ce ranarka mafi muni, da ita za ka auna. Ka yanki takarda ƙanana, gaba tambaya, baya amsa: shekarar wani abu a tarihi, ma'anar wata kalma ta filo, kalmomin turanci. Ka saka goma a aljihu. Duk inda ka tsaya jiran fasinja ka ciro ɗaya, ka amsa da ka kafin ka juya. Goman nan su ne mafi ƙarancinka, kuma ka ɗaure su da tsayuwar azahar, in ba su ƙare ba kafin nan ka ƙarasa su kafin ka tada babur.

Mutari: Wannan zai yiwu. Amma disartasiyo ba ta shiga aljihu, Mushe, kuma ita ke kayar da ni.

Mushe Sani: Gaskiya ne, kuma nan ne iyakar abin. Aikin da ke bukatar dogon zama, disartasiyo ko cikakken tsohon sije na lissafi, ba ya gutsuruwa zuwa minti goma. Dole ka ware masa zama ɗaya a mako, ka san kuɗin fasinjan wannan lokacin ka sadaukar. Abin da ƙaramin aiki zai iya yi masa shi ne share fage: wata rana ka rubuta matsalar da sije ya ɗauko a layi biyu, wata rana ka tsara sassan a bayan takarda, don ran zaman kar ka fara daga farar takarda.

Ibro: To in saura wata ɗaya jarrabawa fa? Nan ma egzarsis biyu? Ni a ganina dole a ɗaga shi zuwa awa ɗaya aƙalla.

Mushe Sani: Na ranar lafiya nake ɗagawa, ya koma awa huɗu ko biyar tunda an daina zuwa aji. Na ƙasan ba na taɓa shi, don munanan ranaku ba sa raguwa saboda jarrabawa ta matso.

Malam Lawali: Ni a nan na fi karkata ga Ibro. In aka daina zuwa aji, ranar mafi muni ma ta samu sarari. Mu in sauka ta matso muna ƙara wa yaro ƙarancin.

Habsu: Ya danganta da gidan, Malam. Mace in ta daina zuwa lakwal aikin gida ne ke ƙaruwa a kanta, ba sarari ba. Rabi, a gidanku wa ke ɗebo ruwa in kina gida da safe?

Rabi: Ni ce, Yaya. Ni da ƙanena, shi kuma yana da aji har ƙarshen shekara.